Bayan Na'ura Ta Gama Fassara, Ina Mai Gyara Zai Sa Ido?

A watan Disamba na 2013 ne aka sa Hausa cikin harsunan da Google Translate ke fassarawa. Fassarar na'ura ta wancan zamani ba ta da wuyar ganewa, domin kalmomi ne a warwatse, kai a gabas ƙafa a yamma, ko yaro ya karanta ya san ba mutum ya rubuta ba. Daga 2016 aka fara komawa wata sabuwar dabara, wadda na'ura ke ɗaukar jimla gaba ɗayanta ta sake gina ta a ɗaya harshen. Tun daga nan Hausar na'ura ta riƙa yin santsi, har ta kai yau za ka karanta sakin layi guda ba ka yi tuntuɓe ba. Wannan santsin shi ne ya sauya aikin mai gyara. A da kuskure yana fitowa fili da kansa. Yanzu yana zaune cikin jimla mai daɗin karatu, kuma wanda ya karanta Hausar kaɗai bai waiwayi asalin rubutun ba zai wuce shi hankali kwance.

Abin ya fi tsanani idan maƙala doguwa ce. Yawancin na'urorin fassara suna yanka rubutu ne jimla-jimla, ko ɗan gungu-gungu, su fassara kowane yanki da kansa. Abin da aka faɗa a shafin farko ba lallai ne ya kasance a gaban na'ura ba lokacin da take aiki a shafi na shida. Ga kuma gajiyar mai gyara, wanda ke farawa da kaifin ido, ya kai tsakiya yana karatu da gudu.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi. A ce an ba ka doguwar maƙala ta Turanci a kan rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. An zuba maƙalar a na'ura, Hausa ta fito, an ce ka gyara don bugawa. Na zaɓi wannan misali ne saboda mai karatu ya san mutanen da ake magana a kansu, don haka zai ga ɓarnar da idonsa.

Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya na Hausar, karanta Turancin daga farko har ƙarshe. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ke rage aiki daga baya. Kana karantawa kana rubuta sunaye a wata takarda: wane ne namiji, wace ce mace, wa ya girmi wa, wace sarauta wane ya riƙe, da kuma yadda za ka rubuta kowane suna da Hausa. A wannan maƙalar takardarka za ta ƙunshi Shehu, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello, da Giɗaɗo ɗan Laima mijin Asma'u wanda ya zama Waziri, da garuruwa irin su Degel da Gudu da Sakkwato. Wannan 'yar takarda ita ce za ta riƙa tuna maka abin da na'ura ba ta iya riƙewa.

Ga irin sakin layin da kan fito. Na tara kurakuran wuri guda don a gan su tare, amma kowannensu abu ne da mai gyara ke cin karo da shi a kai a kai:

"Nana Asma'u 'yar Usman dan Fodio ne, wanda ya kafa Khalifancin Sokoto. Ya kasance kusa da ɗan'uwansa Muhammad Bello, kuma ya rubuta a cikin harsuna uku. An horar da malaman mata, da aka sani da jajis, ta hanyar ta, kuma sun yi tafiya zuwa ƙauyuka don koyar da mata waɗanda za su iya zuwa wurinta."

Ido zai fara faɗawa kan "ne" da "ya", domin an mayar da mace namiji. Wannan kuskure ne mai sauƙin gani. Amma mafi munin abin da ke cikin sakin layin yana can ƙarshe, inda Hausar ba ta da wani aibu. Turancin cewa ya yi malaman suna zuwa wurin matan da ba za su iya zuwa wurin Asma'u da kansu ba. Na'ura ta yar da korewar, ma'ana ta kife, jimla kuma ta tsaya da ƙafafunta kamar ba abin da ya faru. Duk dalilin kafa tsarin 'Yan Taru, wato a kai ilimi ga macen da aure da raino suka zaunar a gida, ya ɓace a wannan gurbi.

Shi ya sa zagayen farko na gyara ba na gyaran Hausa ba ne. Zagaye ne na ma'ana kawai. Ka ajiye Turanci a hagu, Hausa a dama, ka bi su jimla bayan jimla, kana tambaya ɗaya: abin da wannan ta faɗa shi waccan ta faɗa? Kada ka tsaya gyara salo a wannan zagaye, domin da zarar ka fara goge jimla don ta yi daɗi, hankalinka ya bar kan asali.

Korewa ce abin farko da za ka farauta. Hausa tana kore magana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma idan jimla ta yi tsawo tazarar da ke tsakaninsu na iya kai layi biyu. Wani lokaci na'ura ta kawo ta farko ta manta ta biyu, wani lokaci ta sa ta biyun a wurin da bai dace ba, sai korewar ta haɗiye abin da ba a kore ba. Dubi bambancin "ba ta bar Sakkwato ba saboda yaƙi" da "ba ta bar Sakkwato saboda yaƙi ba". Ta farko na nufin yaƙi ya hana ta fita. Ta biyu na iya nufin ta fita, amma wani dalili ne ya fitar da ita. Turanci kuma yana da kalmomin da korewarsu a ɓoye take, masu ma'anar "da ƙyar", ko "ba safai ba", ko "sai dai in", ko "kaɗan ne kawai". Waɗannan su na'ura ta fi juyawa. Inda marubuci ya ce kaɗan ne daga cikin matan suka iya karatu, sai ka ga an rubuta "wasu daga cikin matan sun iya karatu", nauyin maganar ya koma wani gefe.

Sai abin da aka zubar. Idan jimlar Turanci ta yi rassa uku ko huɗu, na'ura kan ɗauki biyu ta haɗa su da kyau ta bar sauran. Ba wani rami da za ka gani a Hausar. Hanya mai sauƙi ta kama wannan ita ce duba tsawo. Hausa yawanci tana fin Turanci yawan kalmomi wajen faɗin abu guda, saboda haka duk inda ka ga sakin layin Hausa ya fi na Turanci gajarta sosai, ka tsaya ka ƙirga rassan. Ƙananan kalmomin taka-tsantsan ma suna yawan faɗuwa a hanya: "an ce", "wataƙila", "kimanin", "fiye da". Masana sun ce rubuce-rubucen Asma'u da suka iso gare mu sun haura 60. Idan "sun haura" ya faɗi, aka bar "ta rubuta littattafai 60", an ƙaga wa marubucin maganar da bai yi ba, har ma an mayar da waƙoƙi da gajerun rubuce-rubuce littattafai.

Akwai kuma kishiyar zubarwa, wato ƙari. Na'ura ba ta iya yin shiru. In ta gamu da abin da ba ta sani ba, sai ta kawo abin da ya fi kama da shi cikin rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Rubutun Hausa da ke da takwaransa na Turanci ba shi da yawa idan aka kwatanta da na Faransanci ko Larabci, kuma kaso mai tsoka na abin da ake da shi fassarar littattafan addini ne da labaran kafafen watsa labarai. Don haka kada ka yi mamaki in ka ga wata kalma mai ƙamshin wa'azi, ko salon mai karanta labaran duniya, ta faɗo cikin maƙalar da ba ruwanta da su.

Lambobi kuwa a bi su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Shekaru irin 1804, shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu, ko 1817 da Shehu ya rasu, galibi suna tsallakowa lafiya idan da alƙaluma aka rubuta su. Matsala tana zuwa ne inda aka rubuta adadi da kalmomi, ko inda aka ambaci ƙarni. Shekarun 1800 su ne ƙarni na 19, kuma ana samun inda suke komawa ƙarni na 18. Takardar da ka rubuta tun farko za ta taimake ka da ɗan lissafi: wadda aka haifa a 1793 tana da shekara goma ko sha ɗaya a 1804, saboda haka in Hausar ta ce tana da ashirin lokacin hijira, ka koma ka duba. Wanda ke gyara fassara daga Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, ya ƙara lura da waƙafi, domin a can 1,5 na nufin ɗaya da rabi.

Idan ka tabbata ma'ana ta tsaya, sai zagaye na biyu, na abubuwan da Hausa ke tilasta a faɗa alhali Turanci bai faɗa ba. A nan ne nake ganin mai gyara ya fi nuna saninsa, domin amsar ba ta cikin jimlar, wani lokaci ba ta ma cikin maƙalar.

Ɗauki dangantaka. Turanci yana da kalma ɗaya da ta haɗa wa da ƙane, ɗaya kuma da ta haɗa ya da ƙanwa. Na'ura sai ta fake da "ɗan'uwa", ko ta yi caca ta ce "ƙanenta". An haifi Muhammadu Bello a 1781, ya girme ta da shekara 12, don haka yayanta ne, uba ɗaya. Bahaushe ba zai kira shi "ɗan'uwanta" ba a tarihin gida irin wannan, domin kalmar tana iya nufin kowane dangi. Haka Abdullahi na Gwandu. Turanci yana kiran ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba da suna guda, na'ura kuma ta fi sabawa da "kawu". Abdullahi ƙanen Shehu ne, saboda haka baffanta ne, kuma mai karatun da ya bambanta kawu da baffa zai ɗauka ta wajen uwa suka haɗu in aka bar shi yadda na'ura ta sa. Littafin da Jean Boyd ta wallafa a kanta a 1989, in za a faɗi sunansa da Hausa, "Ƙanwar Sarkin Musulmi" za a ce, kuma sai wanda ya san shekarun haihuwar biyun zai iya zaɓar wannan kalma. Ita kanta Jean Boyd sai an kula da ita, domin sunan nata na maza ne a Faransanci, kuma ba wuya ka tarar an rubuta "ya wallafa".

Jinsi a Hausa ba a wakilin suna kaɗai yake ba. Yana cikin "ne" da "ce", yana cikin "wanda" da "wadda", yana cikin "malaminsa" da "malamarta", yana cikin siffa. Idan ka gyara "ya" zuwa "ta" ka tsaya nan, ka bar rabin aikin. Bi jimlar har ƙarshenta. Kuma ka fi sa ido a wuraren da na'ura ta saba ganin maza: malami, marubuci, shugaba, masani. Da zarar jimla ta ce "malamin ya koyar" ba tare da an sake ambaton sunan Asma'u ba, na'ura ta koma ga abin da ta fi gani. Su ma jaji mata ne, shugabannin ayarin 'Yan Taru da Asma'u ke naɗawa da malfa, kuma harafin da ke ƙarshen "jajis" jam'in Turanci ne da ya maƙale, sai a cire shi.

Akwai inda kalmar da na'ura ta zaɓa daidai take a ƙamus amma ta kauce a al'ada. Turanci ya bambanta mai rubuta waƙa da mai rera ta, Hausa kuwa "waƙa" ta haɗa su. In aka rubuta "Nana Asma'u mawaƙiya ce", mai karatu zai hango kalangu da 'yan amshi. "Marubuciyar waƙoƙi" ko "malama mai wallafa waƙoƙi" shi ya dace da ita. Sunan mahaifinta ma haka. Baturen marubuci zai iya kiran sunansa tsirara sau hamsin, amma a rubutun Hausa "Shehu" ake cewa, ko "Mujaddadi", kuma barin sunan gatsau zai sa mai karatu ya ji an yi rashin ladabi inda marubucin asali bai nufa ba.

Tsawon maƙala yana haifar da wata cuta tasa ta kansa, wato abu ɗaya ya fito da suna uku. A shafin farko "Khalifancin Sokoto", a na uku "Daular Sakkwato", a na biyar "Daular Usmaniyya". Mai karatu zai zaci dauloli uku ne. Na ukun ma yana da nasa haɗari, domin da wannan sunan ake kiran daular Turkawa ta Istanbul, don haka in maƙalar ta ambaci duka biyun dole a rarrabe su. Haka Bello zai zama "Halifa" a nan, "Sultan" a can, "Sarkin Musulmi" a gaba. Ka zaɓi ɗaya tun a takardarka, sannan ka yi amfani da Ctrl+F ka nemo kowane sauyi. Amma ka duba kowane gurbi da idonka kafin ka musanya, domin umarnin musanya duka a lokaci guda yakan taɓa kalmomin da ba su ka nufa ba.

Da wannan binciken ne kuma za ka bi haruffa masu lanƙwasa. Rubutun Hausa da ke yawo a intanet rabi da lanƙwasa rabi babu, na'ura kuma ta koyi duka biyun, sai ta riƙa gauraya su. A maƙalar tarihin jihadi "yaƙi" da "ya ƙi" da "yaki" za su yi ta karo, haka "ƙasa" da "kasa", "baƙi" da "baki", "kafa" da "ƙafa". Nemo kowace ka tabbatar.

Zagaye na uku shi ne na kunne. Rufe Turancin, ka karanta Hausar da murya. A nan za ka ji inda ƙashin Turanci ke turo fata. "An horar da su ta hanyar ta" ba maganar Bahaushe ba ce, "ita ta horar da su" ake cewa. "Ya kasance kusa da" na nufin zama dab da mutum, alhali shaƙuwa ake nufi. Za ka kuma ji labari yana tafiya da "sun" a jere: sun bar Degel, sun isa Gudu, sun yi mubaya'a. Mai ba da labari da Hausa "suka" yake jerawa: suka bar Degel, suka isa Gudu, suka yi wa Shehu mubaya'a. Abin da ake yi a kai a kai kuma yana son "kan" ko "riƙa", wanda na'ura ba ta cika kawowa ba. Bayan zagayen uku, sakin layin nan namu zai koma haka:

"Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, wanda ya kafa Daular Sakkwato. Ta shaƙu ƙwarai da yayanta Muhammadu Bello, ta kuma yi rubuce-rubuce da harsuna uku. Ita ta horar da malamai mata da ake kira jaji, su kuma suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da matan da ba za su iya zuwa wurinta da kansu ba."

Masu sana'ar fassara sun raba wannan aiki gida biyu. Akwai gyara na sama-sama, inda ake so kawai a fahimci abin da rubutu ke cewa, akwai kuma cikakken gyara, inda ake so ya kai matsayin fassarar mutum. Ƙa'idar ISO 18587 da aka fitar a 2017 a kan cikakken gyaran ta fi mayar da hankali. Duk abin da za a buga wa jama'a su karanta, a ganina, cikakken gyara yake bukata, kuma ya kamata mai ba da aiki da mai karɓa su yi wannan magana tun kafin a yanka farashi. Manhajar fassara ta Wikipedia, Content Translation, tana auna yawan rubutun na'ura da mai fassara ya bari bai taɓa ba, ta yi masa gargaɗi, in ya yi yawa ta hana shi wallafawa. Ma'auni ne mai amfani, sai dai yawan canji kawai yake gani. Mutum na iya sauya kalmomi ɗari ya wuce ma'aunin, korewar nan da ta faɗi tana nan ba a mayar da ita ba. In kuwa ka ga jimla na bukatar gyara a wuri huɗu ko biyar, share ta ka fassara da kanka daga asali, ya fi sauri kuma ya fi tsabta.

Saura abu guda da ba ya gyaruwa da kowane zagaye. Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Marubucin Turanci zai kawo baitin da asalinsa Hausa ne, wanda wani masani ya fassara zuwa Turanci, na'ura kuma ta sake juyo shi Hausa. Abin da zai fito ba kalmominta ba ne, ba karinta, ba amsa-amonta, amma ga shi cikin alamar zance da sunanta a ƙasa. Komai kyan da ka yi masa, ka sa mata magana a baki. Haka abin yake ga ayar Alƙur'ani ko hadisi da maƙalar ta kawo da Turanci, da kuma maganar wani Bahaushe da aka yi hira da shi da Hausa. A irin waɗannan wurare aikinka shi ne ka nemo asalin: baitin daga littafin da aka tattara ayyukanta, ayar daga tarjamar Hausa da malamai suka yarda da ita, kamar ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tare da lambar sura da aya. In asalin bai samu ba, ka cire alamar zance, ka rubuta cewa a wata waƙarta ta yi magana a kan kaza, ka faɗi ma'anar da bakinka, sannan ka sanar da edita wuraren da ka yi hakan kafin a kai maƙalar ɗab'i.